Zanen da manhajar makafi ke tsallakewa

A ɗauki ɗalibi makaho a Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru, an turo masa darasi a Word kan lokacin shuka dawa. Manhajar karanta allo, irin NVDA, za ta bi rubutun layi bayan layi. Idan ta iso zanen ruwan sama na shekara, sai dai ta sanar cewa akwai hoto, ta wuce. Akwatin rubutu ya fi muni, domin yana shawagi ne a gefen shafi, ba ya cikin jerin sakin layi. Sau da yawa manhajar ba ta ko ambatonsa, alhali a cikinsa malamai suka fi son ajiye gargaɗi.

Ana iya cike gurbin Alt Text, amma rubuta "zanen ruwan sama" a ciki sauke nauyi ne kawai. Abin da ɗalibin ke bukata shi ne abin da mai ido ya gano: ruwa yana kankama a Mayu, ya kai ƙololuwa a Agusta, ya ɗauke a Oktoba. Wannan jimla ta fi dacewa da gangar rubutun, inda kowa zai same ta.

Gwajin ba wuya. A danna Ctrl+A, a kwafe, a liƙa a Notepad. Duk zane ko akwatin da ya ɓace, a koma a faɗi saƙonsa da kalmomi kafin a tura takardar.