Injin loto bai san lissafi ba

A wata fada a Keita na ji ana yi wa wani saurayi da ya dawo daga Abijan dariya, wai ya cika tikitin loto da 1, 2, 3, 4, 5, 6. Ni dai ban ga abin dariya ba.

A wasan da ake zaɓen lamba 6 cikin 49, haɗi 13,983,816 ne ke iya fitowa. Tikitinsa ɗaya ne a ciki. Naka mai 7, 19, 23, 31, 40, 48 shi ma ɗaya ne tak. Ƙwallon da ke juyawa cikin inji bai san lambar da aka rubuta a jikinsa ba, balle ya guji maƙwabcinsa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, haɗin da ke jere 44 ne kacal, sauran miliyoyin duk ba jere ba ne. Dole a riƙa ganinsu suna fitowa. Amma kai ba garken ka saya ba, akuya ɗaya ce.

Illar jere a rabo take. A Disamban 2020, a Afirka ta Kudu, 5, 6, 7, 8, 9 da 10 suka fito, sai da mutum 20 suka raba kuɗin.