Saƙon waya ga maƙwabci Bajamushe kan hayaniyar dare: a taƙaita, a yi ladabi

Yau maganarmu ta fi shafar 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Jamus, amma mu da ke nan Potiskum ma muna da hannu a ciki, za mu zo wajen.

A nan gida, idan janaretan maƙwabci ya hana mu barci, ko masu biki suka kai ƙarfe biyu suna kiɗa, abu biyu muka saba yi. Ko dai mu yi shiru mu ce haƙuri, wata ɗaya, wata biyu, har ranar da za a yi cacar baki a ƙofar gida, ko kuma mu nemi wani dattijo ko mai unguwa ya je ya yi magana a madadinmu. Wanda ya tafi Bon ko Hambug ko Barlin ba zai samu mai unguwa ba. Abin da zai samu shi ne bene mai hawa huɗu ko biyar, bango ɗaya tsakaninsa da mutumin da bai taɓa gaisawa da shi ba, da kuma doka a rubuce. Ra'ayinmu shi ne, a irin wannan wuri, matakin farko da ya fi dacewa shi ne gajeren saƙo cikin Jamusanci, jimla uku ko huɗu, kafin a kai ga mai gidan haya, kafin a kai ga 'yan sanda.

Dokar kuwa ba ta da wuyar ganewa. A Jamus lokacin shirun dare yana farawa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, sunansa Nachtruhe. A cikin waɗannan awowi, kiɗa ko talabijin ko hira bai kamata su wuce yadda za a ji su a cikin ɗakin mutum ba. Kusan kowane gidan haya yana da takardar ƙa'idojinsa, Hausordnung, wadda ake ba mutum tare da yarjejeniyar haya ko a manna ta a ƙofar shiga, kuma wasu gidajen suna ƙara lokacin shiru da rana, galibi daga ƙarfe 1 zuwa 3. Lahadi da ranakun hutu ma ana son shiru. Wato wanda hayaniya ta dama da tsakar dare yana da gaskiya a hannunsa tun kafin ya buɗe baki. Shi ya sa ba ya buƙatar zafi.

Mu ɗauki misali. Ɗan uwanmu yana zaune a hawa na biyu, yana tashi ƙarfe 5 na asuba domin ya kama jirgin ƙasa zuwa wurin aiki. Na samansa ya kunna kiɗa har ƙarfe ɗaya na dare. Da gari ya waye, ba a cikin daren ba, sai ya aika masa da wannan:

```
Guten Tag, hier ist Ihr Nachbar aus dem 2. Stock.
Gestern war die Musik bis 1 Uhr nachts bei mir deutlich zu hören, und ich muss um 5 Uhr aufstehen.
Könnten Sie die Musik bitte ab 22 Uhr etwas leiser stellen?
Vielen Dank und viele Grüße
```

Ma'anarsa da Hausa: Barka da rana, maƙwabcinka ne na hawa na biyu. Jiya ina ta jin kiɗan sosai a ɗakina har ƙarfe ɗaya na dare, ga shi ina tashi ƙarfe biyar. Don Allah ko za ka ɗan rage sautin daga ƙarfe goma? Na gode ƙwarai, ina gaisuwa. Sai ya sa sunansa a ƙarshe. Idan mace ce ke rubutawa, sai ta ce Ihre Nachbarin a maimakon Ihr Nachbar.

Bahaushe zai dubi wannan ya ce ai babu gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, duk ba a yi ba, an faɗa kan magana kai tsaye. A wurinmu hakan rashin kunya ne. A wurinsu kuwa doguwar gaisuwa daga wanda ba ka sani ba tana sa mutum ya fara tunanin me ake nema a wajensa, kuma kewaye-kewaye na iya sa ya kasa gane cewa ƙorafi ake yi. Idan ka rubuta cewa dare ya yi tsawo jiya, kana fatan zai fahimta, to ba zai fahimta ba, ko ya fahimta ya yi kamar bai gane ba. Ladabin Jamusanci a cikin zaɓen kalma yake, kuma kalmomi uku ne suka ɗauki nauyinsa a wannan saƙo.

Ta farko ita ce Sie, da babban baƙi a farko. Jamusanci yana da hanyoyi biyu na cewa "kai". Akwai du, na abokai da yara da 'yan uwa, akwai Sie, na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Maƙwabcin da ba ku saba ba, musamman idan ya girme ka, Sie ake ce masa har sai shi da kansa ya ce a koma du. Wanda ya fara ƙorafi da du ga dattijuwar da bai sani ba ya ɓata maganar tun daga kalmar farko. A gidan kwanan ɗalibai dai abin ya sha bamban, can kowa du yake ce wa kowa, sai a rubuta Könntest du a maimakon Könnten Sie.

Ta biyu ita ce könnten ɗin kanta. Können Sie na nufin za ka iya, könnten Sie kuwa ta fi taushi, daidai da "ko za ka iya". Bambancin baƙi ɗaya ne, amma shi ya raba roƙo da umarni. Ta uku ita ce etwas, wato "ɗan". Ba a ce ya kashe kiɗansa ba, an ce ya ɗan rage. Mutum yana iya amincewa da haka ba tare da ya ji an ci masa fuska ba.

A lura kuma saƙon bai ce "kai mai hayaniya ne" ba, bai ce "kullum haka kake" ba. Ya faɗi rana, ya faɗi lokaci, ya faɗi abin da aka ji da dalilin da ya sa abin ya dame shi. Sau da yawa na sama bai ma san sautinsa na sauka ƙasa ba, musamman a tsofaffin gidaje masu daɓen katako, inda takun ƙafa kaɗai kan zama kamar daka a kan na ƙasa. Ambaton 22 Uhr, wato ƙarfe goma na dare a lissafin awa 24 da suke amfani da shi, ya isa tunatarwa. Kowane Bajamushe ya san abin da wannan lokaci ke nufi, don haka babu buƙatar a ambaci doka ko 'yan sanda a saƙon farko. Duk wanda ya sa barazana a nan ya ƙone matakin da ya kamata ya ajiye don gaba.

Wasu daga cikinmu za su ce ai zuwa a ƙwanƙwasa ƙofa ya fi mutunci, zumunci a ƙafa yake. Ba mu musa ba, idan an saba kuma harshen ya zauna a baki. Amma a duba halin wanda ya shekara ɗaya kacal a ƙasar, ransa a ɓace, ƙarfe ɗaya na dare, yana tsaye a ƙofar wanda wataƙila ya sha giya. Jamusancin da ya koya a aji zai gudu ya bar shi, muryarsa za ta tashi, gobe shi za a ce ya tayar da hankalin gida. Saƙo kuwa ana rubuta shi cikin natsuwa, a nuna wa wanda ya fi iyawa ya gyara, sannan ya zauna a waya da kwanan wata a jikinsa. Idan babu lambar maƙwabcin, sai a rubuta kalmomin nan a takarda a jefa a akwatin wasiƙarsa da ke ƙofar gida, amma da suna da hawa. Takardar da ba suna Jamusawa ma ba sa ganinta da daraja. Mu ƙara da gargaɗi ɗaya, zagi laifi ne a dokar Jamus, kuma zagin da aka rubuta shaida ce a hannun wanda aka zaga.

Saƙon yana da iyakarsa. Kukan jariri da dare ba abin da za a yi ƙorafi a kai ba ne, kotunan ƙasar sun daɗe suna ɗaukarsa abin da dole maƙwabta su jure, kuma wannan ya kare iyalanmu masu ƙananan yara su ma. Idan kuma ihu ake ji irin na duka ko neman taimako, ba maganar saƙo ba ce, a buga 110. Idan hayaniyar kiɗa ce aka yi saƙo sau ɗaya, sau biyu, ba a daina ba, sai a fara rubuta rana da lokacin farawa da na ƙarewa da irin ƙarar, har tsawon mako biyu ko fiye. Wannan takarda suna kiranta Lärmprotokoll, ita ake haɗawa da hoton saƙonnin a kai wa mai gida. Mai gida na iya ba mai hayaniyar gargaɗi a rubuce, idan ya ci gaba har yana iya rasa ɗakin, hukuma kuma na iya cin tararsa.

Wannan ya kawo mu ɗaya gefen, domin ba kullum mu ake damu ba, wani lokaci mu ne masu damun. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Jamus yana gaban namu da awa ɗaya. Wato ƙarfe 9 na dare a Potiskum, lokacin da aka ci abinci aka zauna hira aka ce a kira wane a gaisa, ƙarfe 10 ne a can, daidai lokacin da shiru ya fara. Mu kuma mun san yadda muke waya, a buɗe lasifika, a yi ta miƙa wa wannan da wancan, ana dariya. Haka girkin sahur da azumi, ga ƙarar tukwane da na'urar markaɗe ƙarfe uku na dare. Iyaye da 'yan uwa na gida, a riƙa kiransu da wuri, ko a yi haƙuri idan suka amsa da murya ƙasa-ƙasa, ba raini ba ne.

Wanda irin wannan saƙo ya zo masa, kada ya yi saurin cewa don baƙar fata ne. Wariya tana nan, ba mu ce babu ba, amma maƙwabcin da ya rubuto maka kai tsaye ya tsallake mai gida ne ya zo wurinka, kuma da ya so da can ya fara. Amsa ita ma gajera ce:

```
Entschuldigung, das war mir nicht bewusst. Ich achte ab jetzt darauf.
```

Wato, a yi haƙuri, ban lura ba, daga yanzu zan kiyaye. Idan kuma za a yi suna ko walimar salla a ɗaki, al'adarsu ita ce a manna sanarwa a matakala kwana biyu ko uku kafin ranar, da lambar waya, a ce duk wanda abin ya dama ya kira. Sanarwar tana sa maƙwabta su kau da kai, amma ba ta ɗage dokar ƙarfe goma ba. Maganar da ake yaɗawa cewa kowa na da izinin yin shagali sau ɗaya a wata ba ta cikin doka, don haka ƙarfe goma na yi a rage sauti, a rufe tagogi, masu tafiya kuma su yi sallama a cikin ɗaki kafin su fito matakala.