Kafin a Lissafa Dala, a Fara Lissafa Agogo

Mafi yawan masu neman aikin amsa saƙonnin abokan ciniki daga gida suna ɓata makonni suna fargabar jarrabawar saurin rubutu, alhali ita ce mafi sauƙi a cikin sharuɗɗan aikin. Kamfanoni da dama suna neman kalma 40 a minti ɗaya, abin da ake gani a allo da sunan WPM, kuma a wannan ma'auni kowane haruffa biyar kalma ɗaya ce. Wanda ya zauna ya yi atisaye kullum zai kai wannan matsayi. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne kuskure, domin ana rage maki a kan kowace kalmar da ta karkace.

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: da agogon wace ƙasa za a yi aikin? Kamfanin da ke New York idan ya ce ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, a Kano ƙarfe 3 na rana ke nan zuwa 11 na dare a lokacin hunturunsu. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba kuwa, da yake suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai ya koma 2 zuwa 10. Idan a California kamfanin yake, a hunturu aikin zai fara 6 na yamma ya ƙare 2 na dare. Magariba da Isha'i duk a bakin aiki za su riski ma'aikaci, wataƙila yana riƙe da hira biyu ko uku a lokaci guda, manhaja irin Zendesk tana ƙidaya mintunan da kowane mai ƙorafi ya yi yana jira. Saƙon imel ya fi sassauci, domin da awanni ake auna jinkirinsa.

Sannan a zo ga kuɗi. Waɗanda ake ɗauka daga Afirka galibi 'yan daloli ake biyansu a awa, sau da yawa ƙasa da dala 7.25, mafi ƙarancin ladan awa a dokar tarayyar Amurka. A ce an yi ciniki a kan dala 4. Awa 40 a mako, mako huɗu, dala 640 ke nan, kuma a naira kuɗi ne mai kauri. Amma wanda aka ɗauka a matsayin ɗan kwangila shi zai sayi data da man janareto, shi zai ɗauki kuɗin da ake yanka wajen turowa da canji. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, dala 32 ta tafi. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar hira, shi za a rubuta wa laifi.

Don haka dala 3 a kamfanin Landan, wanda tazararsa da Kano ba ta wuce awa ɗaya, tana iya fin dala 4 ta California albarka, musamman ga mai iyali ko ɗalibin da ke da lacca da safe. Kafin a sa hannu, a nemi jadawalin aiki a rubuce, a tambaya ko yana sauyawa mako-mako, kuma ko ana biyan kwanakin horo.