Ku daina zuba wurin da kuke a gurup ɗin dangi

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana, kuma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum ya hau mota daga Yamai zuwa Damagaram, tun kafin a fita gari ya buɗe WhatsApp, ya danna "Localisation en direct", ya zaɓi awa 8, ya jefa a gurup ɗin dangi mai mutum ɗari da ɗoriya. Wai don hankalin gida ya kwanta. Mu dai mun ce wannan ganganci ne.

Duk wanda ke cikin gurup ɗin yana ganin inda kake har lokacin ya ƙare. Wa ya san kowa a ciki? Akwai lambar da mai ita ya sayar da wayarsa, akwai wayar da ke yawo hannun yara a shagon caji. Za a ce mana WhatsApp yana rufe saƙo, na waje ba ya gani. Haka ne, amma rufin ba ya hana na ciki ya ɗauki hoton allo ya tura gaba. Ɗan kasuwa ya taso da kuɗin kaya, ga shi yana shelar cewa ya bar gida, ya wuce Doso, ya tsaya Konni. A ƙasar da muka san yadda satar mutane don kuɗin fansa ta addabi wasu yankunan Maraɗi na bakin iyaka, wa kake yi wa wannan hidima?

Kuma awa 8 ɗin ba ta kai ka. Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, tafiyar yini guda cur. In ka kunna da ƙarfe 5 na asuba, ƙarfe 1 na rana zai mutu da kansa, kana tsakanin Konni da Maraɗi, ga sauran hanya a gaba. Batir kuma ya sha wuya, domin abu biyu ke cinsa: GPS da ke neman inda kake, da intanet da ke aika labarin. A daji inda rezo ke da rauni, waya ƙara ƙarfi take yi tana neman eriya, sai ta yi zafi, caji ya zube. Ƙarshenta ka sauka tasha da dare wayarka a mace, lokacin da kake bukatar kiran mai ɗaukarka.

Ku ma na gida kuna da naku laifin. In ɗigon ya tsaya wuri ɗaya a taswira, ba lalle mota ce ta tsaya ba. In rezo ya ɗauke, wurin ƙarshe da waya ta aika shi ake ci gaba da gani. Ku duba lokacin da aka rubuta kusa da sunan mutum: in ya nuna an daɗe ba a sabunta ba, waya ce ta yi shiru. Haka in matafiyi ya kunna tsimin batir, wasu wayoyi suna rage aikin da ake yi a bayan fage, ɗigo ya daskare. Amma sai a hau kira, kira goma, kira ashirin, a ƙarasa ɗan cajin da ya rage, a tayar wa tsohuwa hawan jini a banza.

Abin da muke cewa a yi ba shi da wuya. Zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa, ka tura masa shi kaɗai, shi zai gaya wa Inna da sauran gida. Ku yi magana tun da dare: ga kamfanin motar, ga lokacin tashi, za ka ji ni a Doso, Dogon Dutsi, Konni, Maraɗi da Tasawa. A kowane zango ka aika wurin da kake sau ɗaya, wanda ba ya tafiya da kai, ko gajeren saƙo, sannan ka kashe intanet. Ku kuma yanke: in an yi awa 3 ba labari, a kira sau ɗaya, in ba a samu ba a tuntuɓi tasha.

Na kai tsayen ka ajiye shi don inda yake da amfani: awa 1 in mota ta lalace a daji, ko in ka sauka da dare ka hau kabu-kabu ko adaidaita. Da ka shiga gida ka danna "Arrêter le partage". Mai amfani da Google Maps ya ƙara kula, don can ana iya barinsa a buɗe har sai ka kashe da hannunka, mantuwa ɗaya kuma sai a yi ta bin sawunka.

Ka tashi da caji cike, ka rage hasken allo, ka bar kallon bidiyo. Batirin ajiya mai 10,000 mAh zai cika waya mai 5,000 sau ɗaya da ɗan ƙari, ba sau biyu ba, don wani kaso yana ɓacewa wajen juyawa.

Wanda kuma ya ce matarsa ko ƙanwarsa ta bar wurinta a kunne dare da rana, ya sani tsaro na tafiya ne, in an sauka a kashe. Allah ya kai kowa gida lafiya.