Ajiyar Da Ke Ƙaruwa A Takarda Tana Raguwa A Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata hasara wadda ke cin dukiyar mutane ba tare da ɓarawo ya fasa ɗaki ko gobara ta tashi ba. Ita ce hasarar da ke samun kuɗin ajiya idan ƙaruwarsu ba ta kai hauhawar farashin kaya ba. Maganar ta shafi mai tara kuɗin Hajji, da matar da ta adana sadakinta, da kuma, fiye da kowa, wanda aka ɗora wa amanar dukiyar marayu.

Masana tattalin arziki sun raba kuɗin ruwa gida biyu. Akwai ruwa na suna, watau adadin da banki ya rubuta cewa zai ƙara wa mai ajiya a shekara. Akwai kuma ruwa na haƙiƙa, watau abin da ya saura bayan an cire abin da hauhawar farashi ta cinye a cikin wannan shekarar. Ruwa na suna ana ƙirga shi da Naira, na haƙiƙa kuwa ana auna shi da abin da kuɗin za su iya saye a kasuwa. Wani masani ɗan ƙasar Amurka mai suna Irving Fisher ya yi bayanin wannan bambanci a littafinsa na shekarar 1930, shi ya sa har yau ake jingina lissafin ga sunansa.

Kada mai karatu ya ce wannan zance na masu cin riba ne, ba ruwansa da shi. Haramcin riba sananne ne, kuma ba shi muke neman sassautawa ba. Amma ma'aunin da ake auna kuɗin ruwa da shi, shi ne dai ake auna ribar ciniki ta halal, da kason da bankin Musulunci ke ba mai ajiya, da kuɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa. Hauhawar farashi tana cin ƙarfin kuɗi ne ko ta wace hanya aka same su.

Bari mu ɗauki shekarar 2024 a Nijeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba na wannan shekara farashin kaya ya ɗara na Disambar 2023 da kashi 34.8 cikin 100. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ita ce kada ruwan asusun ajiya ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da shi Babban Bankin ya yanke. A ƙarshen shekarar wannan ma'auni ya kai kashi 27.5, saboda haka mafi ƙarancin ruwan ajiya ya tsaya a kashi 8 da ɗan ɗori, a farkon shekarar kuwa bai ma kai haka ba.

To, a ƙaddara wani mutum ya zuba Naira miliyan 1 a irin wannan asusu a farkon shekara, aka ba shi kashi 8 cif. A ƙarshen shekara zai ga Naira 1,080,000 a takardarsa, ya yi murna cewa ya sami ƙarin dubu 80. Yanzu sai mu bi shi kasuwa. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa buhun masara Naira 50,000 ne ranar da ya yi ajiyar, watau kuɗinsa na iya sayen buhu 20. Idan masara ta tashi daidai da sauran kaya, buhu ya koma Naira 67,400 a ƙarshen shekara. In ya raba kuɗinsa da wannan sabon farashi, buhu 16 kawai zai samu. Ke nan a takarda an ƙara masa dubu 80, amma a kasuwa buhu 4 sun tafi, watau kashi ɗaya cikin biyar na dukiyarsa. Wannan shi ake nufi idan an ce ruwa na haƙiƙa ya faɗi ƙasa da sifili.

Ga yadda kowa zai iya yin lissafin da kansa. A ɗauki Naira 100, a ƙara mata abin da ajiya ta kawo, a nan ta zama 108. A sake ɗaukar 100 a ƙara mata hauhawar farashi, ta zama 134.8. Sa'an nan a raba ta farko da ta biyu. Amsar ita ce kimanin 0.80, ma'ana kowace Naira ɗaya da aka ajiye ta koma tana da ƙarfin kwabo 80. In amsa ta haura 1, an ci gaba. In ta gaza 1, an ci baya. Akwai gajeriyar hanya da mutane suka saba bi, wadda ita ce a cire hauhawar farashi daga kuɗin ruwa kai tsaye. Tana aiki sosai idan alƙaluman ƙanana ne, amma in sun yi girma sai ta kauce. A misalinmu za ta nuna hasarar kusan kashi 27, alhali haƙiƙanin hasarar kashi 20 ce.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne hasarar tana hawa kan hasara. In hali ya ɗore haka shekara uku a jere, kowace shekara tana cin kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saura, to buhu 20 za su koma 16, su koma wajen 13, su koma wajen 10. Rabin dukiya ya tafi ke nan, alhali lambar da ke cikin takarda kullum ƙaruwa take yi. Ƙarfin sayen da mai ajiya ya rasa kuma ba a iska ya bi ba. Wanda ya ranci kuɗi a kan ruwan da bai kai hauhawar farashi ba shi ya amfana, domin ya karɓi Naira mai ƙarfi, ya biya da mai rauni.

Yanzu mu koma kan wanda ya ji tsoron Allah ya ƙi karɓar ruwa, ya bar miliyan ɗinsa a asusun da ba ya haihuwa. Shi ma lissafin bai ƙyale shi ba: 100 a raba da 134.8 ta ba da kimanin 0.74, watau buhunansa 20 sun koma ƙasa da 15. In kuma dukiyarsa ta kai nisabi, shekara ta zagayo, akwai zakka ta kashi biyu da rabi, wadda haƙƙi ce wajiba, ba hasara ba. Amma in an haɗa ta cikin lissafi, sai a ga cewa a shekarar 2024 sai mutum ya ci ribar kusan kashi 38 cikin 100 kafin dukiyarsa ta tsaya inda take. A nan ne hikimar abin da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa ke fitowa, cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. In ana gudun kashi biyu da rabi, ina ga kashi talatin da wani abu?

Wani zai ce, tun da ruwan banki bai ma cike giɓin hauhawar farashi ba, ashe ba ƙari ba ne, sai ya halatta. Malamai sun tattauna wannan mas'ala tun zamanin kuɗin tagulla. An san Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, da ra'ayin cewa idan darajar irin waɗannan kuɗi ta sauya sai a biya bashi da ƙimarsa, amma mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne a biya da kwatankwacin abin da aka karɓa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsayar cewa bashin kuɗin takarda ana biyansa da adadinsa ne, ba a ɗaure shi da farashin kaya. Saboda haka raunin Naira bai buɗe ƙofar ruwa ba. Mafita ita ce a fitar da dukiya daga matsayin bashi, a sa ta cikin ciniki, ko kadara, ko haɗin gwiwa na halal.

Sai dai ita ma hanyar halal a auna ta da wannan ma'auni. Takardun sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na Naira biliyan 100 na tsawon shekara bakwai, sun ba da kuɗin haya na kashi 16.47 a shekara. A 2018 da 2019, lokacin da hauhawar farashi ke tsakanin kashi 11 da 12 ko kusa da haka, mai riƙe da su ya ci riba ta haƙiƙa. Amma a 2023 da 2024 hauhawar farashi ta tsere wa wannan haya nesa, ribar ta koma hasara. Wannan ita ce iyakar lissafin: ranar ƙulla yarjejeniya adadin suna kaɗai aka sani, na haƙiƙa kuwa sai shekara ta ƙare ake ganinsa. Duk abin da aka ƙayyade adadinsa na tsawon shekaru yana ɗauke da wannan haɗari.

Har wa yau, alƙaluman hukuma matsakaici ne na kayayyaki masu yawa, kowa kuwa da abin da yake tara kuɗi dominsa. Kujerar Hajji ta kai kusan Naira miliyan 3 a 2023, a 2025 kuwa ta haura miliyan 8, galibi saboda faɗuwar Naira a gaban dala. Wanda ya tara cikakken kuɗin kujera a 2023 ya jinkirta tafiya, bayan shekara biyu abin da ke hannunsa bai kai rabin kujera ba. Don haka mai niyyar Hajji ya auna ajiyarsa da kuɗin kujera, mai gini ya auna da siminti, mai iyali ya auna da hatsi. Kuma in an ji cewa hauhawar farashi ta sauka, kada a zaci kaya sun yi araha. Tashin ne ya rage sauri, abin da aka riga aka cinye ba ya dawowa.

Shawararmu ga mai riƙon amana ita ce, ranar da ya karɓi dukiyar marayu ya rubuta adadinta, ya kuma rubuta buhu nawa na hatsi ko giram nawa na zinariya take saye a ranar, a gaban shaidu. Kowace shekara, lokacin fitar da zakka, ya sake wannan awo. In ya ga buhunan suna raguwa, ya nemi shawarar malamai da amintattun 'yan kasuwa tun da wuri, ya bar abin buƙatar 'yan watanni a asusu, saura kuwa a juya shi da taka-tsantsan, domin ciniki ma yana da tasa hasarar. Ranar da maraya ya girma aka miƙa masa takarda, abin da zai duba shi ne me kuɗin za su saya masa.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da Ya hore mana, Ya ba mu ikon sauke amana. Wassalamu alaikum, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.