Bashin haraji: rubuta takarda, amma kula da cak

Ɗan uwa mai kanti a Mai Wurno, idan takardar Diwanul Dara'ib ta iso ka da bashin harajin ribar kasuwanci na shekarun baya, kada ka cusa ta ƙarƙashin tabarma. Bashi ba ya ruɓewa. Ka rubuta ka nemi taƙsiɗi, wato biya kashi-kashi.

Kafin ka rubuta, tambayi kanka: ka yarda da adadin? Wanda ba ya ajiye littafin ciniki, ƙiyasta masa riba ake yi. In kana ganin an zarce, ƙorafi za ka shigar, kuma yana da wa'adi. Kada ka gwama shi da roƙon taƙsiɗi, domin mai neman sauƙin biya kamar ya amsa bashin ne.

Takardar da Larabci ake yin ta, zuwa ga shugaban ofishin da fayil ɗinka yake. Ka sa sunanka, lambar harajinka, shekarun bashin da jimillarsa. Ka faɗi dalilin jinkiri a layi biyu. Sannan ka kawo tsarin biyan da kanka.

Ga misali. Ana bin mai sayar da sukari da mai fam 600,000, ya rubuta a watan Yuli. Ya ce zai ba da 150,000 nan take, saura 450,000. Bai raba su daidai ba, don ya san da damina kuɗin mutane yana gona, ciniki rabinsa bashi ne. Sai ya nemi biyan 50,000 kowane wata daga Agusta zuwa Oktoba, sannan 100,000 daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da riɗi da dawa suka shigo kasuwa. Ofis na iya yarda, yana iya gyarawa, amma ya ga lissafin mai niyyar biya.

Babban haɗarin yana wajen cak. Idan aka nemi ka rubuta cak na watanni masu zuwa, ka sani cak ɗin da banki ya mayar laifi ne a ƙarƙashin sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991. Da bashi ne kawai a kanka, yanzu ya zama maganar 'yan sanda da kurkuku. Kada ka sa hannu kan adadin da ba ka da tabbacinsa a ranar.

Ka riƙe kwafin takardarka da hatimin karɓa. Duk kashin da ka biya, ka karɓi Urnik 15, rasidin gwamnati. Rasidin kuɗin mahalliya ko na zakka ba ya rage wannan bashi.

Matsayinmu shi ne a liƙa sharuɗɗan taƙsiɗi a bangon kowane ofishi daga Sinnar zuwa Sinja, a bayyana su da Hausa, kuma a daina ɗaure ƙaramin ɗan kasuwa da cak. Kantin da aka rufe ba ya biyan haraji.