Shafin da ido ke gani dabam, wanda kunne ke ji dabam

Fayil ɗin PDF, a asalinsa, umarni ne na zane: a ajiye wannan harafi a nan, a ja wancan layi a can. Bai san kanu ba, bai san jadawali ba. Mai ido shi ke gane kanu daga girman rubutu. Makaho kuwa, da ke saurare ta manhajar karanta allo irin NVDA ko JAWS, wannan girman ba ya isa kunnensa.

Abin da ke cike giɓin shi ne alamomin tsari da ke ɓoye a bayan shafi. Alamar `H1` na cewa wannan babban kanu ne, `P` sakin layi, `TH` kan ginshiƙin jadawali, `Figure` kuma hoto mai buƙatar bayani a rubuce. Da su ne mai saurare ke danna harafin H ya tsallaka daga kanu zuwa kanu. In babu su, takarda mai shafi arba'in sai ta zame masa zance guda marar gaɓa.

Sai dai alamomi kaɗai ba su wadatar, domin manhajar tana bin jerin da aka tsara su ne, ko da ya saɓa wa abin da ke kan shafi. A ɗauki sanarwar ɗaukar ma'aikata mai ginshiƙi biyu: sharuɗɗa a hagu, takardun da ake buƙata a dama, ranar rufewa kuma cikin akwati a sama. Idan babu alamomi, manhaja za ta yi hasashe, tana iya haɗa layin farko na hagu da na dama su zama jimla ɗaya marar ma'ana. Idan akwai alamomi amma akwatin ya faɗa ƙarshen jeri, mai nema zai ji ranar rufewa bayan komai, in har ya jure ya kai can.

Saboda haka nake ganin kuskure ne ofis ya dogara da binciken na'ura. Shi kansa mai binciken Acrobat, da ya zo kan jerin karatu, abin da yake rubutawa shi ne `Needs manual check`, wato sai mutum ya duba. Na'ura na iya tabbatar da cewa akwai alama, amma ba ta san ko zancen ya bi hankali ba.

Gyaran ya fi sauƙi tun daga Word. A yi kanu da `Heading 1` maimakon ƙara kaurin rubutu, a raba ginshiƙi da `Columns`, a fitar da ranar rufewa daga akwati a mai da ita sakin layi na farko. A adana ta `Save As` tare da zaɓin `Document structure tags for accessibility`, domin `Microsoft Print to PDF` zubar da alamomin yake yi. Daga nan a kunna NVDA, wadda kyauta ce, a saurari takardar daga farko har ƙarshe kafin a aika ta.